Python ta ba ni amsar ƙarya a kwadiratik, kuma fomulata daidai take

Nura: Salam 'yan uwa. Don Allah masu lissafi a cikinmu ku taimaka min da wannan abu, ya ɗaure min kai. Ina warware x² + 100000000x + 1 = 0 da fomular da kowa ya sani tun sakandare, ga abin da na rubuta:

```
import math
a, b, c = 1.0, 1e8, 1.0
d = math.sqrt(b*b - 4*a*c)
print((-b + d) / (2*a))
```

Abin da ya fito shi ne -7.450580596923828e-09. Amma da na mayar da wannan amsar cikin lissafin maimakon in samu sifili sai na samu kusan 0.25, kuma da na yi da biro da takarda amsar kamata ya yi ta zama kusan -1e-08. Wato kuskuren kashi 25 cikin ɗari fa. Ɗaya amsar, babbar, ta fito lafiya lau. To ina matsalar take?

Sadik: Wa alaikumus salam. Wace Python ce a kwamfutarka? Ka sabunta ta tukuna, tsofaffin suna da irin waɗannan matsalolin

Nura: Sabuwa ce wallahi. Na gwada a waya ma, na kuma rubuta shi da JavaScript, lamba ɗaya sak ta fito har alƙalamin ƙarshe.

Bash: Haha barka da zuwa. Wannan ai tsohon zance ne, shi ne dai 0.1 + 0.2 da yake bada 0.30000000000000004. Kwamfuta da bainari take aiki, sifili da ɗaya, kuma 0.1 ba ya rubutuwa cif a bainari kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a namu lissafin, 0.3333 har illa masha Allah. Ka saka `round()` a ƙarshe kawai ka huta.

Nura: Yaya Bash in yi `round()` zuwa gurbi nawa? In na ce gurbi takwas zai ba ni -1e-08, amma ai don na riga na san amsar ne. In na ce tara zai ba ni -7e-09. Kuma babu 0.1 ko ɗaya a lissafina, duk cikakkun lambobi ne, 1 da miliyan ɗari da 1.

Malam Habu: Nura ya yi gaskiya a nan. Bash ka kama bakin zaren amma ba shi ne duka ba. Kuskuren 0.1 + 0.2 yana can gurbi na 17, ba ya cutar da kowa sai wanda ya gwada daidaito da `==`. Na Nura kuwa alƙalamin farko ma ba daidai ba ne, 7 ya fito inda ake jiran 10. To tambayar ita ce yaya aka yi ɗan kuskuren da ke can ƙarshen layi ya taso ya zauna a gaba.

Kuma Sadik, ba laifin Python ba ne. Dalilin da ya sa waya da kwamfuta da JavaScript suka yi baki ɗaya shi ne duk ƙa'ida guda suke bi, IEEE 754, wadda aka fitar a 1985. `float` na Python shi ne `double` na C, bit 64: ɗaya na alama, 11 na girman lambar, 52 na alƙaluman kansu, da wani guda da ba a rubutawa, ya zama 53. Wannan 53 ɗin in ka juya shi zuwa irin ƙirgarmu yana kusan alƙaluma 16. Iyakar aljihun kenan. Ko lambar tiriliyan ce ko ɗigo sifili sifili kaza, alƙaluma kusan 16 za a riƙe maka, sauran a zubar.

Bari in fara da ƙaramin inji kafin mu koma naka. Ka ɗauka akwai kalkuleta mai riƙe alƙaluma biyar kacal. Ka ba ta 1.234567 da 1.234512. Za ta ajiye na farko a 1.2346, na biyu a 1.2345. Kowannensu ta riƙe shi da kyau, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin dubu talatin ba. Yanzu ce mata ta ɗebe na biyu daga na farko. Za ta ce 0.0001. Amsar gaskiya 0.000055. Ta kusa ninka amsar. Me ya faru? Alƙaluma huɗun farko, 1.234, iri ɗaya ne a duka biyun, su ne kuma masu inganci, sai ɗebewa ta share su. Abin da ya rage shi ne alƙalami na biyar, wanda dama shi ne aka yi wa gyaran fuska lokacin ajiya.

Ummi: Malam tsaya, wato kenan ɗebewar ce take yin kuskuren?

Malam Habu: A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke zamewa. Ɗebewar ba ta yi kuskure ko kaɗan ba. 1.2346 a cire 1.2345 ai 0.0001 ne cif. Har a `double` ma haka ne, akwai tabbataccen sakamako da ake kira da sunan Sterbenz, cewa in lambobi biyu suna kusa da juna har ɗaya bai ninka ɗaya ba, to bambancinsu yana fitowa daidai ba tare da an zubar da komai ba. Kuskuren tun baya aka yi shi, lokacin da aka ajiye lambobin. Yana nan ƙarami kusa da babbar lamba, ba wanda ya damu da shi. Ɗebewa ta zo ta kwashe babbar lambar ta bar shi shi kaɗai a fili.

Kamar ka ce za ka san nauyin direba ta hanyar auna tirela da shi a ciki, ka sake aunawa ba shi, ka ɗebe. Sikelin tirela in ya kauce da kilo ashirin a tan talatin ba wanda zai ce masa uffan, sikeli ne mai kyau. Amma kilo ashirin a jikin mutum mai kilo saba'in kuma wani zance ne.

Bash: To na ji, amma a na Nura ina aka yi ajiyar da ta kauce? Shi ya ce duk cikakkun lambobi ne, kuma gaskiya ne, 1e8 yana zama daram a `float`

Malam Habu: Yauwa, mu bi shi ɗaya bayan ɗaya. `b*b` ya bada 1e16, daidai. A cire 4, ya zama 9999999999999996. Wannan ma an yi sa'a ya samu wurin zama, domin a wannan yankin lambobin `double` tsallen bibbiyu suke yi, kuma lambar tamu tana rabuwa biyu. Har nan ba a yi asarar komai ba.

A `sqrt` ne aka taɓa. Amsar gaskiya ita ce miliyan ɗari ba 0.00000002, wato 99999999.99999998. Amma a kusa da miliyan ɗari, tazarar da ke tsakanin lamba da maƙwabciyarta ita ce wannan:

```
>>> math.ulp(1e8)
1.4901161193847656e-08
```

Ma'ana ƙasa da miliyan ɗari, matakalar farko tana 1.49e-08, ta biyu tana 2.98e-08, babu komai a tsakaninsu. Mu kuma 2e-08 muke so. Babu ita. Sai inji ya ɗauki mafi kusa, 1.49e-08. Ya kauce da kusan 0.5e-08, a cikin lamba mai girman miliyan ɗari. `sqrt` ba ta yi laifi ba, iyakar abin da zai yiwu kenan, amsar da ta bayar daidai take har alƙaluma 16.

Sai kuma ka zo ka ce `-b + d`. Miliyan ɗari ta tafi, aka bar -1.49e-08 inda ake son -2e-08. Ka raba biyu, ga -7.45e-09 ɗinka. Ka lura amsar taka rabin lambar da `math.ulp` ta nuna ne, cif. Wato abin da ka samu ba amsar lissafinka ba ce sam, rabin faɗin matakala ɗaya ta injin ne.

Nura: Kai! Na duba yanzu, 1.4901161193847656e-08 raba biyu shi ne 7.450580596923828e-09 ɗin nan. To amma abin da ya fi ba ni haushi, ya rubuto min alƙaluma goma sha shida reras kamar ya tabbata da su.

Malam Habu: Ai shi ne haɗarin. Babu gargaɗi, babu jan rubutu. Bayan ɗebewar abin da ya rage bit ɗaya ne mai ma'ana, sai injin ya tura shi gaba ya cike bayansa da sifilai, in aka juya zuwa ƙirgarmu sai ka ga dogon layin lambobi mai kyan gani. Gwada b = 1e9 ka gani.

Nura: 0.0 ya ba ni. Sifili kawai.

Malam Habu: Domin a 1e18 tsallen 128 ake yi, 4 ɗinka ba ta ma isa ta motsa lambar ba, ta ɓace tun kafin a kai ga `sqrt`. In kana da wani layi a gaba da yake raba wani abu da wannan amsar, nan firogiram zai faɗi kai kuma ka tafi neman matsala a inda ba ta.

Sadik: Ni dai har yanzu ban ga dalilin wahalar ba. Ai akwai `decimal`, mu a wurin aiki da shi muke lissafin kuɗi don kada kwabo ya ɓata, ba ya yin wannan shirmen na bainari. Ka canza zuwa `Decimal` magana ta ƙare.

Injiniya Lawal: Sadik kuɗi daban wannan daban. Kai matsalarka ita ce 0.1 ya zauna daidai, kuma `Decimal` ya magance maka. Amma kalkuletar da Malam Habu ya kawo misali da ita ai ba bainari ba ce, irin ƙirgarmu take yi, kuma ta faɗa ramin. `Decimal` na Python alƙaluma 28 yake riƙewa in ba ka canza ba. A lissafin Nura zai yi asarar 16 ya rage masa kusan 12 masu kyau, sai ka ce an warke. Ka sa b ya zama 1e15 ka ga, `b*b` yana da alƙaluma 31, 4 ta sake ɓacewa, sifili zai ba ka shi ma. Ka matsar da ramin gaba ne kawai, ga kuma nauyi, domin ba ya gudu kamar `float`.

Sadik: To ai sai in ƙara, `getcontext().prec = 100`, wa zai hana ni

Injiniya Lawal: Ba mai hana ka, in lissafi ɗaya za ka yi ma ni ba ni da ja. In sau miliyan za ka yi shi a cikin madauki, ko a ƙaramin inji da ba shi da ko `double` sai `float` mai bit 32 da alƙaluma bakwai, to sai ka nemi wata dabarar.

Malam Habu: Kuma dabarar ba ta da tsada, layi biyu ne. Ka lura Nura ya ce babbar amsar ta fito lafiya. Dalili, a can `-b - d` ake yi, lambobi biyu masu alama ɗaya suna haɗuwa, ba abin da ake sharewa. To mu riƙe wannan mai lafiyar, mu samo ƙaramar daga gare ta. Tun a aji an koya mana cewa in ka ninka amsoshin kwadiratik biyu da juna za ka samu c bisa a. Shi kenan, ƙaramar ita ce wannan a raba da babbar.

```
q = -(b + math.copysign(d, b)) / 2
x1 = q / a
x2 = c / q
```

`copysign` ɗin aikinsa ya ba wa d alamar b, don ko b ya zo da ragi, tarawa dai za a yi ba ɗebewa ba. Ninkawa da rabawa ba su da wannan cutar, kowannensu ɗan kuskuren da zai ƙara yana can gurbi na 16 ne kuma a can yake zama.

Nura: Na gwada. x2 ya fito -1e-08. Da b = 1e9 ma ya ba ni -1e-09 maimakon sifili. Allah ya saka da alheri Malam. Abin mamaki d ɗin nan dai shi ne, mai kuskuren nan, ban taɓa shi ba.

Malam Habu: Amin. Eh shi ne, kuskurensa yana nan, amma yanzu yana zaune kusa da miliyan ɗari biyu, ba a kwashe masa inuwa ba.

Ummi: Wannan zancen ya tuna min da wani abu da ya same ni, ban sani ba ko dangi ne. Ina da na'urar da take turo bayanai, kowane saƙo da lokacinsa a daƙiƙa, irin ƙirgar nan da ake farawa daga 1970, to lambobin duk wajen biliyan ɗaya da miliyan ɗari bakwai ne. A cikin saƙonni kaɗan da suka zo kusan tare nake so in ga yaya lokutan suka warwatsu, sai na yi amfani da gajeriyar fomular nan, matsakaicin x² a cire murabba'in matsakaicin x, don ba sai na bi bayanan sau biyu ba. Wani lokaci ya ba ni sifili, wani lokaci ɗaruruwa, ran nan kuma ya ba ni lamba mai ragi `sqrt` ta ce `math domain error`. Ni a sanina wannan abin ba ya taɓa zama ƙasa da sifili, to na ɗauka na'urar ce take turo shara har na sa aka canza ta, sabuwar ma haka.

Bash: Wannan kam lambobin ne suka yi girma suka cika ma'ajin, ya zube

Malam Habu: Bai zube ba Bash, `double` yana kaiwa har wajen 1.8e308, biliyan ba komai ba ce a wurinsa. Ba wurin girma ne ya ƙare ba, alƙaluma ne suka ƙare. Ummi ba dangi ba ne kawai, uwa ɗaya uba ɗaya ne da na Nura. Murabba'in 1.7e9 yana wajen 2.9e18, a wannan yankin kuwa tsallen 512 ake yi tsakanin lamba da lamba. Ke kuma amsar da kike nema wataƙila 1 ce ko 2. Kin ɗebe lambobi biyu da kowacce za ta iya kaucewa da ɗaruruwa, kina neman 2 a tsakaninsu. Abin da zai fito sifili ne ko 512 ko ninkinsa, sama ko ƙasa, duk inda gyaran ajiya ya karkata a ranar.

Maganin, ki rage girman tun kafin ki yi murabba'i. Ki cire lokacin saƙon farko daga kowane lokaci, sai lambobinki su koma 0, 1.2, 2.5 da makamantansu, warwatsuwar ba ta canzawa don kin matsar da kowa da abu ɗaya. Ko ki fara samo matsakaici ki cire shi daga kowanne. In kuma dole sau ɗaya za ki bi bayanan, akwai hanyar Welford ta 1962, tana sabunta matsakaicin a kowane saƙo.

Ummi: Amma Malam ai wannan ma ɗebe lambobi masu kusa da juna ne, biliyan a cire biliyan. Ba shi kuka ce a guje ba?

Malam Habu: Tambaya mai kyau. Ba kowace irin wannan ɗebewar ce mugu ba. Abin dubawa shi ne, lambobin da za ki ɗebe sun riga sun kwaso kuskuren da ya kai girman amsar da kike nema? Lokutanki a 1.7e9 tazarar matakalarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, wajen 2.4e-07 ce, ke kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu kike aunawa, to bayan ɗebewa kina da sauran alƙaluma shida ko bakwai masu kyau, sun ishe ki. In kika bari sai bayan murabba'i, girman ya tashi daga alƙaluma 10 zuwa 19, ya wuce 16 ɗin da ake da su. Ɗebewa da wuri ta fi ɗebewa a makare.

Akwai ɗan awo da nake yi a kai kafin in yarda da kowace ɗebewa: in tara girman lambobin biyu, in raba da girman bambancinsu. Sifilai nawa suka fito, alƙaluma nawa kenan na yi asara daga cikin 16. A na Nura 2e8 a raba da 2e-08, ya bada 1e16, an cinye duka. A naki na farko ma ya wuce haka.

Bash: Irin wannan ne fa ya kashe sojoji a yaƙin Gulf, makamin Patriot ɗin nan da ya kasa tare Scud. Ɗebewar `float` ce ita ma

Injiniya Lawal: Abin ya faru, a Dhahran ta Saudiyya, 25 ga Fabrairu 1991, sojojin Amurka 28 suka mutu. Amma ba irin na Nura ba ne kai tsaye. Can agogon injin yana ƙirga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma 0.1 ɗin an datse shi a ma'aji mai bit 24, to kuskuren yana girma daidai da tsawon lokacin da injin ya yi a kunne. Bayan kusan awa 100 ya kai wajen daƙiƙa 0.34, Scud kuwa a wannan ɗan lokacin ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita, sai na'urar ta duba inda ba ya nan. Wato ya fi kusa da zancenka na farko na 0.1, kuskure mai taruwa a hankali. Namu na yau a layi ɗaya yake faruwa, ba ya buƙatar awa ɗari.

Ni kuma ina da ja a kan gyaran da Malam Habu ya bayar, ba wai ba daidai ba ne, amma kada Nura ya tafi da tunanin an rufe ƙofa. Akwai wata ɗebewar a cikin fomular da ba a taɓa ba, `b*b - 4*a*c`. In amsoshin biyu suna dab da juna, waɗannan biyun ma suna dab da juna, kuma kowanne an riga an yi masa gyaran ajiya wajen ninkawa. Dabarar q ba ta taimaka a nan ko kaɗan.

Malam Habu: Haka ne Injiniya, ban musa ba. Wannan ta fi wuya. William Kahan, wanda shi ne jagoran tsara IEEE 754 ɗin har aka ba shi kyautar Turing a 1989, ya yi rubutu a kan wannan gurbin musamman. Hanyar ita ce a lissafa wannan layin kaɗai da ƙarin alƙaluma, ko a yi amfani da `fma`, umarnin da yake ninkawa ya tara sannan ya yi gyaran ajiya sau ɗaya tak, da shi ake kamo ɗan abin da ninkawar ta zubar a mayar. Python ta samu `math.fma` a 3.13.

Injiniya Lawal: To nan ne muka rabu. Ni a aikina a da b da c daga awo suke zuwa, na'ura ce ta ba ni su, in ta yi ƙoƙari alƙaluma biyar ko shida. Ɗauki x² - 2x + c. In c ya zama 1, amsa ɗaya ce, 1. In c ya zama 0.99999999, amsoshin sun koma 0.9999 da 1.0001, taɓa gurbi na takwas ya motsa gurbi na huɗu. In c ya zama 1.00000001 babu amsa ta zahiri ma gaba ɗaya. To wace `fma` ce za ta gaya min wanne ne gaskiya alhali ni kaina ban san c har gurbi na takwas ba? Za ta ba ni cikakkiyar amsa ga tambayar da ba ita na yi niyya ba.

Malam Habu: Ai abubuwa biyu ne Injiniya. Na Nura tambayar lafiyarta ƙalau, in ka ɗan taɓa b ko c amsar ɗan motsi za ta yi, hanyar lissafin ce ta ɓata ta, shi ya sa canza hanya ya gyara. Naka kuwa tambayar ce da kanta take rawa, babu fomular da za ta tsayar da ita. Amma wanda yake rubuta laburaren da dubban mutane za su kira bai san daga ina lambobinka suka zo ba, wani nasa cif suke, to wajibinsa ya bada amsa daidai ga abin da aka miƙa masa.

Injiniya Lawal: Mai laburare na yarda. Amma ɗalibi ko mai aiki irina, na fi so ya ɓata lokacinsa wajen girgiza lambobin da ya shigar, ya ƙara ɗan kaɗan a c ya rage ɗan kaɗan ya ga yaya amsa take yi, da ya zauna yana farautar bit na ƙarshe. Sau da yawa daga nan za ka gane ma ba kwamfutar ce matsalarka ba.

Ummi: Ni dai na cire lokacin farko daga sauran kamar yadda aka ce, na sake gudanar da bayanan ranar da ya faɗi, yanzu ba ragi kuma lambar ta yi kama da abin da nake gani da ido. Sai dai `numpy.var` da na gwada a kan ainihin lambobin ba tare da cire komai ba shi ma ya ba ni daidai, to shi me yake yi?

Malam Habu: Matsakaici yake fara samowa ya cire daga kowanne kafin murabba'i, ba ya bin gajeriyar hanyar.

Nura: Injiniya na gwada girgizawar da ka ce a kan nawa, na mayar da c 1.000001. Sabuwar hanyar ta bada amsa ta motsa daidai gwargwado. Tsohuwar fomular kuwa ko gezau, -7.450580596923828e-09 ɗin nan dai ta sake bani, kamar ban canza komai ba.

Injiniya Lawal: To ka ƙara c a hankali ka ga inda za ta yi tsalle, ina jin sai ka wuce 1.25 kafin ta motsa, kuma in ta motsa ninki biyu za ta yi lokaci guda, ta koma -1.49e-08.

Sadik: Ni fa har yanzu `Decimal` ɗina nake riƙe da shi